Amsa ga Malam Sakatare kan ƙirga "mu" da "ku"

"Yaron nan da ya tara matasa a Agege yana koya musu ƙirga 'mu' da 'ku' a takarda, ya faɗa mana: wa ya ba shi ijaza? Shekara nawa ina rubuta sanarwar ƙungiya ba wanda ya yi ƙorafi. Rubutu baiwa ce, ba lissafi ba."

Assalamu alaikum Malam Sakatare, Allah ya ƙara girma.

Ijaza dai ba ni da ita, kuma ban san inda ake rabawa ba. A bar wannan. Maganar da ta tsaya mini a rai ita ce wai ba a taɓa ƙorafi ba. Yallaɓai, wanda bai karanta takarda ba, da me zai yi ƙorafi a kanta?

Ga sanarwar da ka manna a ƙofar ofis, wadda na kai wa matasan ba tare da na ambaci sunanka ba, sai da ka tona kanka: "Muna farin cikin sanar da cewa mun zauna mun tattauna, kuma mun yanke shawarar ƙara kuɗin wata, domin mu ci gaba da ayyukanmu na alheri da muka saba."

A ɗauki biro a ja layi ƙarƙashin duk inda shugabanni suka ambaci kansu: muna, mun, mun, mun, mu, ayyukanmu, muka. Bakwai ke nan a jimla ɗaya. A nemi ku, kun, kuna, muku ko naku, ba ko ɗaya. Wanda za a cire kuɗi daga aljihunsa bai shigo takardar ba, shi ya sa ba a tuna an gaya masa nawa ne ƙarin, ko yaushe zai fara, ko ina za a kai ba. Amfanin ƙirgar ke nan: idan "mu" ya rinjaya haka, galibi marubucin yana ba da labarin zaman da aka yi ne, ya manta da tambayoyin mai karatu.

Matasan da kake wa dariya ga yadda suka juya ta, da adadin da ka bari sai an tambaye ka baki da baki: "Daga watan gobe kuɗin watanku zai koma N3,000 daga N2,000. Ƙarin na albashin mai gadin dare ne, don buhunanku su kwana lafiya. Za ku iya biya a ofis har ranar 5 ga wata. Ku tabbata kun karɓi rasit." Ambaton mai karatu sau biyar, kuma ba wanda zai biyo ka masallaci yana neman bayani.

Ƙirgar tana da iyaka, na kuma faɗa musu. "Ku biya, ku kiyaye, ku kuka da kanku" cike take da "ku", amma tsawa ce. Sannan akwai "mu" da ke rungumar mai karatu, kamar "mu haɗu bayan La'asar", wannan ba a sa shi a lissafi. Ƙirga tana nuna inda za a duba ne, gyaran yana hannun mai rubutu.

Karantawa da ƙarfi kuwa, da na ji kana kira wasan yara, ta fi ƙirgar kama ɓarna. A bar takardar ta kwana, sannan a tashi tsaye a karanta da muryar da za a yi sanarwa bayan sallah. Duk jimlar da numfashi ya yanke kafin a kai aya, a raba ta biyu. Taka ta sama, gwada ta da numfashi ɗaya mu gani. Bayan haka a miƙa wa wani ya karanta, marubucin ya yi shiru, domin shi ya san abin da yake nufi, bakinsa zai gyara abin da hannunsa ya ɓata. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ga masu buga waya suna zubar da lanƙwasa, sai "ƙasa" ta zama "kasa". Inda mai karatun ya yi tuntuɓe ya koma baya, nan za a sa alama. In ya gama a karɓe takardar a tambaye shi: me aka ce ka yi, nawa, yaushe, a ina? In ya rasa ɗaya, laifin takardar ne. Ka tuna da yawa daga cikin 'yan dakonmu a Mile 12 karanta musu ake yi, cikin hayaniyar motocin tumatir, kuma sau ɗaya za su ji.

Abin da ke damuna ya wuce kai. Sanarwoyinmu a Legas, daga Idi-Araba har Obalende, an mayar da su wurin nuna girman kwamiti. Layi uku na gaisuwa da muƙamai, ranar taro kuwa tana can ƙasa, in ma an tuna da ita. Wanda ya ce a gyara sai a tambayi shekarunsa.

Na ji zaɓen ƙungiya ya matso, ban ce shi ya sa ka tuna da ni ba. Amma in takardar neman ƙuri'arka ta fito, zan zo da birona.

Ƙaninka, daga Agege.