Ku riƙa ba mu labarin ajiyar dole, ba kuɗin ruwa kaɗai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bin shafinku na tattalin arziki, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da kwamitin tsara manufofin kuɗi na Babban Bankin Najeriya ya tashi daga zama, kanun labarinku kan kuɗin ruwa yake tsayawa: an ɗaga, an rage, an bar shi yadda yake. Ajiyar dole kuwa, wadda 'yan banki ke kira CRR, sai a jefa ta a layin ƙarshe kamar kayan cike gurbi. Ni da na yi shekaru ina aikin banki a Kano kafin in yi ritaya, na san wannan layin ƙarshen ya fi taɓa aljihun ɗan kasuwa.

Ajiyar dole ita ce kason da doka ta tilasta wa banki ya kai Babban Banki daga cikin kuɗin da jama'a suka ajiye a wurinsa. A Najeriya ba a biyan banki ko kwabo a kan wannan kaso. A Janairun 2020 aka ɗaga shi daga kashi 22.5 zuwa 27.5 cikin ɗari. A Satumbar 2022 ya koma 32.5. Bayan zuwan Olayemi Cardoso a matsayin Gwamnan Babban Banki aka kai shi 45 a Fabrairun 2024, sannan 50 a Satumbar 2024, kafin a dawo da shi 45 a Satumbar 2025. Maƙwabtanmu na Nijar, da ke ƙarƙashin BCEAO, babban bankin ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin CFA, kashi 3 ne nasu tun 2017. Amurka ma ta mayar da nata sifili a Maris ɗin 2020.

Kafin in yi suka, bari in faɗi uzurin Babban Banki, don yana da shi. Idan kuɗi suka yi yawa a hannun bankuna har ana tsoron tashin farashin kaya, hanyar da aka fi so ita ce Babban Banki ya sayar musu da takardun bashi, ya karɓe tsabar. To amma wannan sai da kasuwa mai cike da masu saye da sayarwa. Tamu ba haka take ba. Yawancin takardun na gwamnatin tarayya ne, masu sayensu kuma 'yan ƙalilan ne, bankuna da kamfanonin fansho, waɗanda sukan saya su kulle har wa'adi ya cika. Kamar kasuwar ƙauye ce: tirela ɗaya ta masara ta isa ta karya farashi. Idan Babban Banki ya zuba takardu masu yawa, sai ya yi alkawarin kuɗin ruwa mai tsoka kafin a saya, kuma ranar da wa'adi ya cika zai mayar da uwar kuɗin har da riba, wato kuɗin da ya kwashe sun dawo da ƙari. Mun ga ƙanƙantar kasuwar nan da idonmu. A Oktoban 2019 aka hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida da ba bankuna ba sayen takardun Babban Banki, sai kuɗinsu suka rasa wurin zuwa, suka yi ca a kan takardun baitulmali, wato na bashin gwamnati na gajeren wa'adi, har ribarsu ta faɗi ƙasa da kashi 1 a ƙarshen 2020. A irin wannan hali, ajiyar dole ta fi sauƙi. Sanarwa ɗaya, an cire kuɗin daga asusun bankuna, babu ciniki, babu biyan riba.

Sai dai abin da Babban Banki bai biya ba, wani ne ya biya. Mu ɗauki naira ɗari da wani ya ajiye na shekara guda, banki ya yi masa alkawarin ribar kashi 10. Banki zai biya naira goma ke nan. Lokacin da ajiyar dole take 27.5, abin da ya rage masa ya juya naira 72.5 ne, don haka sai ya samu kusan kashi 14 a kansu kafin ya fitar da wannan goman. Da ta koma 45, saura naira 55, sai ya nemi sama da kashi 18. Da ta kai 50, kashi 20 cif. Ba a fa sa albashin ma'aikata ba, ba a sa man janareto ba, ba a sa bashin da ba zai dawo ba. Banki ba ya haɗiye wannan asara. Ko dai ya ɗora ta a kan mai karɓar rance, ko ya rage abin da yake ba mai ajiya, yawanci ma duka biyun yake yi.

Ba zan manta wani dillalin hatsi daga Dawanau ba. Ya zo mana da kaka yana neman rancen sayen riɗi, takardunsa a cikin leda, komai ya cika, shekarunsa da mu babu tangarɗa. Muka tura hedikwata, aka amsa cewa a dakata, don Babban Banki ya cire mana kuɗi masu yawa a makon a matsayin ajiyar dole, babu sarari. Na fito in yi masa bayani, ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ai ban ji an ce an ƙara kuɗin ruwa ba." Gaskiyarsa, ba a ƙara ba. Kafin a buɗe masa hanya riɗi ya tashi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne zamanin tsohon Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele, lokacin da aka riƙa jan bankuna ta fuska biyu. A 2019 aka ce dole banki ya ba da rancen da ya kai kashi 60 na ajiyar da ke hannunsa, daga baya aka mayar 65, wanda ya gaza a ƙara ƙwace masa kuɗi a matsayin ajiyar dole. Bayan 'yan watanni kuma aka ɗaga ajiyar dolen ga kowa. An ɗaure akuya an ce ta je kiwo. Ga kuma cire-ciren ba-zata da babu wanda ya san ma'auninsu. Bankin da bai san nawa zai wayi gari da shi ba, ba zai ba da rancen shekara uku ga mai masana'anta a Sharaɗa ba. An dakatar da wannan salon a Fabrairun 2024, kuma na yaba.

Akwai matakin da nake ganin ya dace. A Satumbar 2025 aka sa kashi 75 a kan kuɗin gwamnati da ke kwance a bankunan kasuwanci, waɗanda ba su shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati da ke Babban Banki ba. Sanusi Lamido Sanusi, lokacin yana Gwamnan Babban Banki, ya yi irin haka a 2013 da kashi 50, ya kai shi 75 a farkon 2014. Wannan ya nufi ainihin inda ambaliyar take fitowa, musamman bayan rabon arzikin ƙasa na wata-wata. Kashi 45 na gama-gari kuwa bai bambanta babban bankin da ke riƙe da asusun albashi kusan kyauta da ƙaramin bankin da ke sayen ajiya da tsada ba. Kuma ba zai mayar da manomin da 'yan bindiga suka kora gonarsa ba, balle ya rage kuɗin dakon tirela.

Roƙona gare ku, Malam Edita, wakilanku su riƙa duba abu biyu bayan kowane sauyi: ko kuɗin ruwan da bankuna ke ranta wa junansu na kwana ɗaya ya yi tsalle, da kuma tazarar da ke tsakanin abin da ake ba mai ajiya da abin da ake karɓa daga mai rance. Kuma idan Gwamnan Babban Banki ya tsaya amsa tambayoyi, a tambaye shi ko akwai shirin fara biyan ko da 'yar riba a kan kuɗin da aka tsare, da kuma wace shekara yake sa ran kason zai sauko ƙasa da 30.

Naku,
Tsohon ma'aikacin banki, Kano