Yayata ta ga jini bayan shekara 9 da ɗaukewar al'ada, ta ƙi komawa asibiti

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da aiki. Maganar yayata ce ta sa na ɗauki biro, don na yi iya yina na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Yaya shekarunta 61, al'adarta ta ɗauke tun tana 52. Wata uku da suka wuce ta ga ɗan jini a kamfanta, bai fi faɗin farce ba, ruwan ƙasa-ƙasa, babu ciwon mara babu komai. Kwana ɗaya ya tsaya. Bayan mako biyar ya sake zuwa, wannan karon ja. Da ta faɗa min har da dariyarta, wai ƙuruciya ce ta dawo.

Ni ban yi dariya ba, domin na taɓa shiga irin wannan. Shekara biyu bayan tawa ta ɗauke na ga ɗigo, na je wajen likitar mata. Ita ta fahimtar da ni cewa idan mace ta cika wata 12 cur ba ta ga al'ada ba, to ta ɗauke ke nan, ba ta dawowa. Duk jinin da ya fito ta gaba bayan haka, ko ɗigo ɗaya ne, ko sau ɗaya ne, wani abu ne ya jawo shi, kuma ba a gane ko mene ne daga launinsa ko yawansa. Galibi abin mai sauƙi ne: sinadarin jikin mace da ake kira istirojin ya ragu, fatar gaba da shimfiɗar cikin mahaifa sun yi siriri sun bushe, abu kaɗan sai su tsage. Ko kuma ɗan tsiro ne da ake cirewa a huta. Amma wajen mace 1 cikin 10 masu irin wannan jinin, kansar mahaifa ce, kuma ita ma da ɗigon nan mara ciwo take fara sallama. Idan aka kama ta tun ba ta fita daga mahaifa ba, yawanci tiyatar cire mahaifa na maganinta.

Nawa an duba bakin mahaifa, aka yi min hoto da na'urar da ake sakawa ta gaba, aka auna kaurin shimfiɗar: milimita 3. Likita ta ce milimita 4 zuwa ƙasa abin kwantar da hankali ne, ta ba ni man shafawa, amma ta ja min kunne cewa in jinin ya sake dawowa in koma, ko da hoton baya ya yi kyau.

Da kyar na ja Yaya aka yi mata irin hoton. Nata milimita 11. Likitar ta ce wannan bai nuna kansa ce ba, tsiro ko kaurin shimfiɗa kawai na iya ba da haka, amma hoto ba ya rarrabewa. Sai an zura wani siririn bututu ta bakin mahaifa an ɗebo ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Minti kaɗan ne, ba a ma sa mutum barci, ciwonsa kamar murɗar mara lokacin al'ada. Aka ba ta rana. Ranar ta zo, Yaya ta kashe wayarta.

Hujjarta biyu. Ta ce jinin ya tsaya, me za a tono? Ta kuma ce bara an yi mata gwajin bakin mahaifa an ce lafiya lau. Na gaya mata wancan gwajin bakin yake dubawa, ba ya leƙa ciki, kuma jinin kansa yakan zo ya tafi, tsayawarsa ba warkewa ba ce. Ta ce na cika tsoro.

Abin da ke hana ni barci, Anti, shi ne abubuwan da likita ta lissafa masu ƙara haɗarin: ƙiba, ciwon suga, da rashin taɓa haihuwa. Yaya tana da duka ukun. Na ƙarshen nan shi ne mikin da ta yi shekara 30 tana ɗauke da shi, ita ce ma ta raine ni kamar 'yar cikinta. Da wane baki zan ce mata wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nake matsa mata? Ina kuma zargin ba bututun take tsoro ba. Tsoronta a ce za a cire mahaifar, duk da ba ta ba ta ɗa ba.

Ta kuma sa ni na yi alƙawarin ba zan faɗa wa mijinta ba, ga shi maganarsa kaɗai take ji. In karya alƙawarin, ko in ci gaba da lallaɓa ta ni kaɗai alhali an riga an ci wata uku? In kuma lallashin ne, da waɗanne kalmomi zan fara? An sake ba mu rana nan da kwana 10.

Ƙanwarki mai sauraron shirinki kullum.