Rahoton Shekara na Kwamitin Tsara Rubutun Harshenmu

'Yan uwa membobin ƙungiya, bara kun ɗora mana aikin fito da haruffan da za a rubuta harshenmu da su. Ga inda muka kwana.

Rabin farko na shekara ya tafi ne wajen ɗaukar muryoyin dattawa maza da mata, da tantance ƙwayoyin sauti. Ma'auninmu ɗaya ne: idan sauya sauti ya sauya ma'anar kalma, wannan sauti ya cancanci harafinsa. Mai jin Hausa ya san haka daga "kafa" da "ƙafa". Idan kuwa sautin da ke maƙwabtaka da shi ne kawai ya lanƙwasa shi, ba sai an ba shi harafi ba. Ana furta n na "hankali" can baya a baki, daban da n na "nama", amma babu Bahaushen da ya taɓa neman harafi na biyu.

Da wannan ma'auni muka tabbatar muna da wasula bakwai, alhali boko biyar ya tanada. Nan aka fi kai ruwa rana. Wasu suka so mu bi Yarbanci, mu sa ɗigo a ƙarƙashin e da o. Wasu suka zaɓi ɛ da ɔ, waɗanda taron UNESCO na Yamai ya sa cikin jerin haruffan Afirka a 1978. Muka gwada duka biyun a ajin manya. Masu rubutu da hannu suna yawan manta ɗigon, kuma da an ja layi ƙarƙashin kalma sai ya ɓace. Don haka muka tsaya kan ɛ da ɔ, duk da cewa sai an saka wa waya madannai na musamman kafin a same su.

Sai wuraren da ƙa'idar "yadda ka furta, haka za ka rubuta" ta ci tura. Ɗafinmu na mallaka, wato guntun da ake liƙa wa kalma don nuna mai abu, yakan koma m kafin b, ya zauna n a sauran wurare. Da farko mun bi furuci, sai masu karatu suka ɗauka ɗafi biyu ne. Yanzu siffa ɗaya muke rubutawa, kamar yadda ake rubuta "gidan biki" ko da baki ya ce "gidam biki".

Karin sauti, wato hawa da saukar murya, shi ma haka. Da muka yi wa kowane wasali alama, shafi ya cika da tsinke, karatu ya koma jan ƙafa. Da muka cire duka, aka kasa bambanta aikin da ya wuce da wanda zai zo, domin karin ne kaɗai ya raba su. Mun bar alamar a kan aikatau mai nuna abin da zai zo kawai.

Batun kalmomin aro masu sautin da babu a harshenmu bai kammalu ba. Za mu kawo shi babban taro, tare da daftarin littafin koyon karatu na farko.