Sanarwa kan binciken haraji da haƙƙin ma'aikata

Assalamu alaikum, ƴan uwa na ofishin kuɗi da na kula da ma'aikata.

Ranar Litinin masu bincike za su shigo masana'antarmu ta Sharaɗa. Za su zaɓi wasu watanni, su tsamo sunayen ma'aikata, su bi kowane suna daga rajistar bakin ƙofa zuwa takardar albashi, har zuwa shaidar banki.

Fansho ne ya fi damuna. A ce gundarin albashin mai tuƙa inji, haɗe da kuɗin gida da na mota, naira 100,000 ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire masa 8,000, kamfani ya ɗora 10,000. Wannan 18,000 dole ta shiga asusunsa cikin kwanaki 7 na aiki bayan biyan albashi. Mai bincike zai ajiye ranar albashi kusa da ranar da banki ya tura kuɗin, ya ƙirga. In an makara, tarar ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ba a tura ba duk wata. Guminsa ne, bai kamata ya kwana a hannunmu ba.

Harajin albashi kuwa, a fito da rasit ɗin hukumar tara haraji ta Jihar Kano na kowane wata.

Sai ƴan lodi. Wanda ya haura wata uku yana aiki ba shi da takardar sharuɗɗan aiki, an saɓa dokar ƙwadago, kuma rajistar ƙofa za ta nuna.

Don Allah kada kowa ya gyara kwanan wata a takarda. Inda aka ga giɓi, a turo min kafin Juma'a. Na gode.