An rage kaso, amma kuɗin harajin gida ya ƙaru: ga inda lissafin yake

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙar wani bawan Allah a shafinku, inda yake kukan cewa hukuma ta yi shelar rage kason harajin gidaje, sai ga takardarsa ta bana ta zo da kuɗin da ya fi na bara. A ganinsa yaudara ce. Na yi shekaru ina aikin kiyasin gidaje, kuma wannan koke na sha jin sa a bakin teburina. Mai yiwuwa ne a rage kaso da gaske, kuɗin mutum kuma ya hau da gaske, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Ku ba ni wuri in warware masa da lissafi.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su haifi adadin da ke ƙasan takardar: ƙimar da mai kiyasi ya yi wa gida, rangwamen da doka ta ba mai gidan, da kason da hukuma ta yanka. Jerin yana da muhimmanci. Ana fara cire rangwame daga ƙima, abin da ya rage shi ake bugawa da kaso.

Mu ɗauki gida wanda zai yi 500,000 a kasuwa, da kowane irin kuɗi ne. A wurare da dama ba a ɗora haraji a kan cikakken kuɗin kasuwa, sai a kan wani yanki nasa. Jihar Jojiya ta Amurka, alal misali, kashi 40 cikin ɗari take ɗauka. Mu bi wannan, ƙimar gidanmu ta zama 200,000. Mai gidan a ciki yake zaune, kuma mu ce doka ta yafe wa irinsa 50,000. Saura 150,000. Kason kuwa 20 ne cikin kowace dubu, wato kashi 2 cikin ɗari, don haka zai biya 3,000.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Sai ka ji mutum ya ce an yi masa rangwamen 50,000, yana zaton kuɗin da zai shiga aljihunsa ke nan. Ina! Daga ƙima aka cire, ba daga kuɗin da zai biya ba. Abin da rangwamen ya tsirar masa shi ne harajin wannan 50,000 ɗin, wato 1,000 kacal a shekara.

To, daga ina kason 20 ɗin ya fito? A tsarin da nake magana a kai, ba da ka ake yanka shi ba. Hukuma kan fara duba kasafinta ta ga nawa take bukata daga harajin gidaje, sannan ta raba wannan adadi da jimillar ƙimar duk kadarorin da ake karɓar haraji a kansu. In tana neman miliyan 8, jimillar kuwa miliyan 400 ce, kaso ya zama 20 cikin dubu. Akwai ƙasashen da doka ce ke tsayar da kaso ba ya motsi, amma wanda ya rubuto muku ya ce an rage nasu bayan sabon kiyasi, alamar wannan tsarin ke nan.

Yanzu an sake kiyasi. Jimillar ta tashi zuwa miliyan 500, ƙarin kashi 25 cikin ɗari. Hukuma ta ce ba za ta ƙara ko kwabo a kan miliyan 8 ɗinta ba, sai kaso ya sauko zuwa 16 cikin dubu. Wannan shi ne ragin da aka yi shela, kuma gaskiya ne. Sai dai gidanmu yana unguwar da ta yi farin jini, kuɗinsa ya kai 650,000. Kashi 40 nasa 260,000 ne. A cire rangwamen 50,000, saura 210,000. A buga da 16 cikin dubu, ya ba da 3,360. An rage kaso, mai gida kuma ya sami ƙarin 360.

A lura da wani abu da ba kowa ke gani ba. Kuɗin gidan kashi 30 cikin ɗari ya ƙaru, amma abin da ake ɗora wa haraji ya tashi daga 150,000 zuwa 210,000, wato kashi 40. Dalili kuwa rangwamen yana nan inda yake, bai bi ƙima ya girma ba. Har amfaninsa ma ya ragu, daga 1,000 ya koma 800, tunda kason da ake auna shi da shi ya sauka. A ra'ayina, duk majalisar da ta bar adadin rangwame shekara da shekaru ba ta taɓa shi ba, tana zaftare shi ne a ɓoye.

Wani mai gidan kuwa, wanda bara suka biya kuɗi ɗaya, nasa ya tsaya a 550,000. In aka bi lissafin nan, 2,720 zai biya, ragin 280. Shi ba zai rubuto muku wasiƙa ba. Abin da ya raba su shi ne wanda tashin ƙimarsa bayan cire rangwame ya wuce tashin gari gaba ɗaya, rabonsa na kayan ya yi nauyi, wanda nasa ya gaza kuma ya sami sauƙi. Haka ma rangwame yake a wannan tsari: duk kadarar da aka fitar daga jimilla, walau wurin ibada, makaranta ko ginin gwamnati, kasonta ya koma kan sauran.

Wasu wuraren sun nemi tsira daga irin wannan tsalle ta hanyar daskarar da ƙima. A Kalifoniya, dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1978 ta hana ƙimar gida tashi fiye da kashi 2 cikin ɗari a shekara har sai an sayar da shi. A Ingila har yau da farashin 1991 ake sa gidaje a rukuni. Hankalin tsohon mai gida ya kwanta, amma a Kalifoniya gidaje biyu iri ɗaya, katanga ɗaya, na iya biyan haraji mai tazarar gaske don kawai ɗaya sabon saye ne.

Ga ɗan'uwan da ya rubuto, shawarata ita ce ya ajiye takardar bara kusa da ta bana ya bi su layi-layi. In kaso ne damuwarsa, wurin faɗa shi ne zaman kasafin kuɗi, domin ofishin kiyasi ba shi ke yanka kaso ba. In layin rangwame ne ya ɓace, ya bincika, don a wurare da yawa sai an nema ake bayarwa, kuma yakan faɗi in gida ya canja hannu. In kuwa ƙima ce, ya nemi ganin bayanin gidansa da ke ofis. Na sha tarar da faɗin fili da aka rubuta ba daidai ba, ko ɗakin da aka rushe tuntuni yana nan a takarda, ko gidan zama an sa shi a rukunin shaguna. Hujjar da ke aiki ita ce kuɗin da aka sayar da gidaje masu kama da nasa a kusa da ranar kiyasi, ba cewa kuɗin ya yi masa yawa ba. A misalinmu, in ya nuna gidan 585,000 ne ba 650,000 ba, ƙima ta sauka da 26,000, haraji ya ragu da 416 kowace shekara. Ya kuma duba wa'adin ƙorafi, domin galibi daga ranar sanarwar ƙima yake fara ƙirga, ba daga ranar da takardar biya ta iso ba.

Na gode.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin kiyasin gidaje