Shafi Ɗaya Ya Ishe Ka, Malam Habu

Assalamu alaikum, Malam Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Fatakwal, ya ruwan sama? Mu nan Kano sanyi ya fara shigowa, har an soma jin ƙurar hunturu a maƙogwaro. Na je gida ranar Juma'a na gaida Inna, tana nan ƙalau, sai dai ƙafar da take ɗan taɓa ta. Ta ce in faɗa maka ka daina aiko mata da maganin da ba ta san sunansa ba.

Takardar da ka turo mini ta neman rance na karanta ta sau biyu. Kada ranka ya ɓaci, amma shafi shida ka rubuta, kuma sai a shafi na biyar na gano nawa kake nema. Ka kawo tarihin shagon tun daga tebur, ka kawo burinka na zama dilan wake a Kudu, har da yadda za ka samar wa matasa aiki. Duk gaskiya ne. Sai dai jami'in bashi da zai karanta yana da tarin irinta a gabansa, kuma tambaya ɗaya ce a ransa: ranar da biya ya zo, daga ina kuɗin zai fito? Ni ma sai da aka mayar mini da tawa na gane haka, don haka bari in ba ka labarin yadda ta kasance.

Ka san ɗakin kajin da na gina a bayan gida. Bara na yi niyyar zuba buroila 300, na je wani ƙaramin bankin 'yan kasuwa neman naira miliyan ɗaya. A farashin lokacin, 'yan tsaki a kan 900 sun kama 270,000. Kowace kaza tana cin kusan kilo huɗu da rabi kafin ta kai mako bakwai, wato buhu 54 mai kilo 25, a kan 22,000, ya zama 1,188,000. Rigakafin Gumboro da Lasota da sauran magani, gawayin ɗumama ɗaki, dusar katako, ruwa da kuɗin yaron da ke kula da su suka ci 190,000. Jimilla 1,648,000, ni ina da 648,000 a hannu. Na cire kaji 15 da za su iya mutuwa, na ce zan sayar da 285 a kan 7,500, riba ta tashi 489,500. Na rubuta wannan adadi da manyan baƙaƙe, ina jin babu mai ƙin sa.

Jami'in, wani yaro da ban fi tsammanin ya kai ƙanina ba, ya ɗauki biro ya ce, “Baba, wannan ribar a kwana nawa take zuwa?” Na ce mako bakwai. Ya ce sayarwa fa? Na ce mako guda. Ya ce wanke ɗaki da barinsa ya huta kafin a zuba wasu? Na ce mako biyu. Ya ce to mako goma ke nan, kusan wata biyu da rabi. Ya raba ribar, ta faɗo ƙasa da 196,000 a wata. Sannan ya lissafa nasu: kashi huɗu cikin ɗari kowane wata har wata shida, a kan miliyan ɗin gaba ɗaya ko da ka biya rabi, wato 240,000. Idan aka raba 1,240,000 gida shida, kowane wata zan kawo kusan 207,000. Ya juyo mini da takardar bai ce komai ba.

Ka ga matsalar? Biyan wata ya fi ribar wata. Duk lokacin da na biya, sai na gutsuri uwar kuɗi, zubi na biyu ya ragu, na uku ya ƙara raguwa. Wannan ma da sauƙi. Babbar ita ce biyan farko yana zuwa a kwana 30, lokacin da kajin ke tsakiyar ci, ko guda ba ta isa yanka ba. Da na karɓi kuɗin nan, da cikin rancen zan ciro in biya rancen, kaji su kwana da yunwa a makon da suka fi buƙatar abinci. Na fito raina a ɓace, amma kafin in kai gida na san yaron ya yi mini gata. Ga kuma zancen kuɗin ruwa, wanda dama zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Sai na koma ƙungiyarmu ta gama kai ta malamai, inda nake zubi shekara uku. Dokarmu ita ce ana ba mutum ninki biyu na ajiyarsa, kuma ajiyar ba ta taɓuwa sai ya gama biya. Ina da 300,000, don haka iyakata 600,000. Ba sa ba da kuɗi a hannu. Su suke sayen kayan su sayar maka da riba sananniya, abin da ake kira murabaha, irin wanda bankin Jaiz ya sa mutane suka saba da shi tun da ya fara aiki a 2012. Na rage kajin zuwa 200, na sake rubuta takardar a shafi ɗaya. Ga gundarinta, kusan kalma da kalma:

“Ni malamin makaranta ne, ina kiwon buroila a gidana shekara biyu, na yi zubi bakwai na kaji ɗari-ɗari. Ina neman ƙungiya ta saya mini 'yan tsaki da abincin kaji na naira 600,000, ta sayar mini a kan 660,000. Zubin kaji 200 zai ci 1,122,000, ni zan sa 522,000 daga aljihuna. Ina sa ran sayar da kaji 190 a kan 7,500, wato 1,425,000, riba 303,000 kowane mako goma, kimanin 121,000 a wata. Masu saye su ne masu gashin kaza biyu da wani gidan abinci, waɗanda suka ɗauki kajina a zubi huɗu na baya. Ina roƙon a ɗaga mini wata biyu na farko, sannan in biya 82,500 kowane wata har wata takwas. Duk ranar da na sayar da kaji zan ware kuɗin biyan da zai kai ni sayarwa ta gaba in zuba a asusun ƙungiya.”

Daga ƙasa na ƙara abin da yawancin mutane ke tsoron rubutawa, wato idan abu ya ɓaci. Na ce idan kaji 20 suka mutu maimakon 10, farashi kuma ya sauka zuwa 7,000, riba za ta koma 138,000, kimanin 55,000 a wata. Giɓin 27,000 da 'yan kai zai fito daga albashina, kuma ina da 126,000 da na ajiye gefe ban zuba a kaji ba. Ma'ajinmu ya gaya mini daga baya cewa wannan sakin layin ne ya sa kwamiti bai ja magana ba. Wanda ya rubuta cewa babu asara a sana'arsa, in ji shi, ko bai san sana'ar ba, ko yana ɓoye wani abu. Kuma kamar na sani, a zubi na biyu zafin watan Afrilu ya kashe mini 23 cikin kwana uku. Na biya a kan lokaci, amma da albashi.

Yanzu mu dawo kanka. Kai ba ka da matsalar jiran mako goma, ciniki yana shigo maka kullum, shi ya sa biyan mako ko na wata zai dace da kai fiye da ni. Taka matsalar a wani wuri take. Ka rubuta cewa kana ciniki na miliyan biyu a wata. Ciniki ba riba ba ne, kuma ba da shi ake biyan bashi ba. Ɗauki buhun wake guda: nawa ka saya a Dawanau, nawa kuɗin dako da lodi, nawa mota zuwa Fatakwal, nawa ake kashewa a hanya, mudu nawa ƙwari ke ci idan ya daɗe a shago, sannan nawa kake sayarwa. Abin da ya rage ka ninka da buhunan da kake sayarwa a wata da gaske, ba waɗanda kake fata ba. Daga nan ka cire hayar shago, ka cire cefanen gida da kuɗin makarantar yara, domin daga shagon suke fitowa ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Wannan ragowar ita ce za ka dubi biyan wata da ita. Ni a ganina idan biyan ya haura rabinta, ka rage abin da kake nema. Ni na haura saboda ina da albashi a bayana, kai ba ka da shi.

Sai masu abincin nan da kake bai wa wake su biya bayan mako biyu. Ka ambace su a matsayin kwastomomi, amma ba ka faɗi nawa ke hannunsu ba. Faɗi. Za a zo shagon a ƙirga buhuna, a buɗe littafinka, a nemi takardar shige da ficen asusunka na watannin baya. Idan ka ce miliyan biyu, asusu ya nuna dubu ɗari bakwai, ba za a tsaya jin cewa sauran a hannu ake ba ka ba. Daga yau ka riƙa zuba cinikin hannu a asusu kafin ka kashe, ko da za ka jinkirta neman rancen wata biyu ko uku.

Bashin babur ɗin nan da ka ce kada a sa, sa shi. Lambar BVN ɗinka ce za su bincika da ita a hukumomin da ke ajiye tarihin masu bashi, kuma gara su ji daga bakinka. Sannan ka kula da takardun da za ka sa wa hannu. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ake kira GSI, wanda idan ka amince da shi ka kasa biya, ana iya cire kuɗin daga sauran asusunka na wasu bankuna. Ka kuma tambaya a rubuta maka abu biyu da lamba: nawa zai shigo hannunka bayan an cire kuɗin fom da na inshora, nawa kuma za ka mayar gaba ɗaya.

Batun tsaya maka da ka nema, ban ƙi ba. Amma ka san ma'anarsa: idan ka gaza, albashina za a bi. Saboda haka ina son in ga lissafin buhun nan guda kafin kowa ya gani. Rubuta shi ko a bayan kwali ne ka ɗauki hoto ka turo. Ranar Asabar zan shiga Dawanau, zan tambayo maka farashin farin wake da ja, da abin da direbobi ke karɓa zuwa can yanzu, in sa wanda na saba saye a wurinsa ya rubuto mana takardar farashi da za ka liƙa a bayan shafin.

Ka gaida Maman Khalifa da yara. Ka ce wa Khalifa zakaran da na yi masa alkawari yana nan, ya fi ƙarfin kejinsa.

Naka,
Bala