Wasiƙa zuwa Maraɗi: lamba ɗaya ta isa

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya kasuwa, ya zafi? Mu nan Kano sai godiya.

Na karanta tallan shagon injin ban-ruwan da ka turo in duba. Maganar kaya ta yi daidai, ba zan taɓa ta ba. Ƙarshen ne ya ba ni dariya: lambobin waya har uku, ga lambar shago, ga sunan layi, duk a cikin daƙiƙa 30. Haba mutumina! Wanda zai ji ka yana kan babur ne, ko yana gona rediyo na rataye a reshe. Ba shi da biro, kuma ba zai iya cewa mai sanarwa ya maimaita ba.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru da ni bara. Wani Alhaji mai sayar da taki ya dage sai an saka lambarsa, da ta ɗansa, da ta yaron shago. Lambar Najeriya ka san alƙaluma 11 ce, in za a karanta ta a tsanake sai ta ci daƙiƙa 6 ko 7. Uku ke nan sun lashe kusan 20 daga cikin 30. Da lokaci ya ƙi isa, sai mai karantawa ya riƙa zuba su kamar ana korar sa. Mako biyu ana sakawa, wayar Alhaji shiru, ya zo yana faɗa wai tashar ba ta da masu saurare. Na lallashe shi muka bar tasa kaɗai, a faɗe ta sau biyu, ita ce kuma abin da kunne zai ji daga ƙarshe, ba kiɗa a ƙarƙashinta. Kafin Juma'a ta zagayo shi da kansa ya kira ni yana ƙorafin ana tashin sa daga barci.

Yadda muka yanka ta shi ne huɗu, uku, huɗu. Huɗun farko, irin su 0803, mutanenmu sun haddace, kamar kalma ɗaya suke jin su, saboda haka bakwai ɗin da suka rage ne aikin. A takardar da nake ba mai karantawa da kalmomi nake rubuta su, kowane yanki a layinsa, don ya numfasa inda nake so. In ka ba shi alƙaluma a dunƙule, yau zai yanka ta haka, gobe wani ya yanka ta daban, mai saurare ya ɗauka lambobi biyu ne.

Kai kuwa ka yi sa'a, lambar Nijar alƙaluma 8 ce, kuma bibbiyu kuka saba faɗin ta. To nan ma akwai tarko. In lambar tana da 60 sannan 05, mai karantawa ya ce “sittin, biyar”, kunne “sittin da biyar” zai ji, an ci alƙaluma biyu. Rubuta masa “sittin”, ya tsaya, sannan “sifili biyar”. Ka kuma sa ido kan biyu da biyar, da bakwai da takwas. A ƙaramar rediyo mai shiii, farkon biyu da biyar ɗaya ne, tsakiyar bakwai da takwas ma haka, sai an fito da ƙarshen kalmar sosai. “Biyar uku” ma kada ka yarda da ita: 53 ce ko 555? In ukun ne, ya ce “biyar, biyar, biyar”. Cikin layukanka uku ka zaɓi wanda alƙalumansa suka fi maimaituwa, ko da ba shi ka fi riƙewa ba.

Adireshi kuma, share lambar shagon nan. Wa ya taɓa neman shago da lamba? A nan in na ce “Titin Zoo, daura da gidan mai, shago mai koren ƙofa”, mai adaidaita ya gama ganewa. Ka fara da babban wurin da kowa ya sani, ka sauko kan alama guda, shi ke nan. Tunda kana kusa da babbar kasuwa, ka ambaci ƙofar da mutum zai fito ta ita, da abin da zai gani a gabansa. Ni da zan zaɓa maka ma, kwatance zai fi lamba amfani, don manomi ba ya sayen inji bai taɓa shi da hannu ba.

Kafin ka biya kuɗin tasha, karanta wa uwargida sau ɗaya tana tsakiyar tuƙa tuwo, ba tare da ka ce ta saurara ba. In ta sauke tukunya ka tambaye ta ina shagon yake, mece ce lambar. Inda ta yi tuntuɓe, can za ka gyara, ka sake turo mini in gani.

Ka gaida Baba, ka ce ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda. Kilishin da ka yi alkawari har yanzu ban gani ba.

Naka har kullum,
daga Kano